Albashi daban, ɗiba daban: yadda ake gyara littafin shagon gado

Shagon da zan yi misali da shi na ƴan uwa uku ne a Tawa, na sarin shinkafa da sukari da mai da taliya. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, aka fitar wa mahaifiyarsu tumuninta daga gida da gona, shago kuma ya zama na ƴaƴa: maza biyu da mace ɗaya. Ke nan kashi biyar, Yaya biyu, ƙane biyu, ƙanwarsu da ke aure a Yamai ɗaya. Yaya shi ke zaune a shago, shi ke saro kaya, makullin kes na hannunsa. Ƙanen yana kula da mangaza da kai kaya da karɓo bashi. Ƙanwar ba ta aiki a shagon, jarinta ne kawai ke ciki.

A ƙarshen shekara Yaya ya ce riba sefa miliyan 1.2 ce. Ƙanwar ta bugo waya ta ce, "Yaya, shagon da Baba ya je Makka da shi, shi ne zai ba ni jika 240 a shekara?" Shi kuma ya ji zafi, don tun asuba yake shago, bai taɓa sa dala a aljihu a ɓoye ba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Littafin ne ya haɗa abubuwa biyu da bai kamata su zauna a shafi ɗaya ba.

Abin da ya raba su

Albashi kuɗin aiki ne. Ana yanka shi tun kafin a san ko za a ci riba, ana biyansa a ranar da aka sa, kuma yana cikin ɗawainiyar shago kamar haya da kuɗin wuta. Sai an cire shi ake sanin riba. Ɗiba kuwa abin da mai dukiya ya ɗauka ne daga cikin dukiyarsa, kuɗi ko kaya, don buƙatar kansa. Ba ta rage riba ko da dala ɗaya. Abin da take ragewa shi ne rabon mai ita.

Tambaya guda nake wa kowane kuɗin da ya fita: da a ce bare ne aka ɗauka haya ya zauna a kujerar nan, shago zai biya wannan kuɗin? Man moton da aka kai kaya da shi, zai biya. Kuɗin makarantar yaran mai kujerar, ba zai biya ba. Shayin baƙin da suka zo ciniki, zai biya. Ragon suna, a'a. Duk abin da amsarsa a'a ce, ɗiba ce, ko da kuwa alheri aka yi da shi.

Mataki na farko: a tankaɗe shekarar da ta wuce

Kada a fara da sabon littafi. A fara da tsohon, don sai an ga inda kuɗi suka bi kafin kowa ya yarda da sabon tsari. A samu yini biyu ko uku, a zauna da littafin da rasit-rasit da saƙonnin tura kuɗi da ke cikin waya, a bi layi-layi da waccan tambayar. Kowane layi a sa masa alama: na shago, ko na wane.

Ga abin da ya fito a namu misalin (jika ɗaya sefa 1,000 ke nan). Ciniki na shekara miliyan 96. Kuɗin sayen kayan da aka sayar miliyan 86.4. Tsakaninsu miliyan 9.6. A littafin Yaya akwai shafi ɗaya mai suna "kashe-kashe", jimillarsa miliyan 8.4, shi ya sa riba ta tsaya a miliyan 1.2. Da aka tankaɗe, sai aka ga na shago tsantsa, wato haya da wuta da lodi da sauke kaya da albashin yaran shago biyu da haraji, miliyan 3 ne kacal. Sauran miliyan 5.4 gida suka tafi: miliyan 3.6 ta hannun Yaya, miliyan 1.6 ta hannun ƙane, har da moton da ya saya, jika 200 kuma aka tura wa ƙanwar lokacin da ta haihu.

Za a tarar da layukan da ba wanda ya tuna na mene ne. Kada a ɓata dare a kansu. A yarda tun farko cewa duk wanda ba shi da rasit ba shi da bayani, ana sa shi a kan wanda ya ɗauka, in kuma ba a san wanda ya ɗauka ba, a raba shi bisa kason kowa. Wannan na shekarar baya ne kaɗai. Daga yau ba a karɓar layi marar suna.

Mataki na biyu: yanka albashi

Nan ne ake jan numfashi, don a gidajenmu kunya ce mutum ya ce a biya shi a shagon ubansa. Sau da yawa na ji an ce, "Ni da abina, wa zai biya ni?" Amma a duba abin da zai faru in an ƙi. In aka ce duk miliyan 5.4 ɗin nan ɗiba ce, babu albashi, riba ta zama miliyan 6.6. Kason Yaya miliyan 2.64, daidai da na ƙane, ƙanwar kuma ta samu miliyan 1.32 tana zaune a ɗakinta. Yaya da ya ɗauki 3.6 sai ya wayi gari ana binsa jika 960, bayan ya yi shekara yana aiki kyauta. Wancan littafin ya danne wadda ba ta aiki, wannan kuma ya danne mai aikin.

Ana yanka albashi ne a kan aikin, ba a kan girman iyalin mutum ko shekarunsa ba. A tambayi ƴan kasuwa biyu ko uku masu shago irin naku nawa suke biyan amintaccen da ke riƙe musu shago in sun yi tafiya, da nawa suke biyan mai kula da mangaza. Wannan shi ne ma'auni. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 sefa 42,000 ne a wata, to mai riƙe da kes da saro kayan miliyoyi ba kusa da nan zai tsaya ba, amma kuma ba zai yanka wa kansa na darakta a banki ba. Su sun tsaya a kan jika 150 ga Yaya, jika 90 ga ƙane. A shekara miliyan 1.8 da miliyan 1.08, jimilla miliyan 2.88.

Mai albashin ba shi ke yankawa shi kaɗai ba. Duk masu kaso su yarda, a rubuta, a sa ranar biya, a kuma sa lokacin da za a sake dubawa, sau ɗaya a shekara ya isa. In da hali a samu baffa ko kawu ya shaida. Wanda na fi tsoro shi ne albashi mai hawa da sauka: wata mai ciniki a ɗauki jika 250, wata marar ciniki a ɗauki 80. Wannan ɗiba ce aka sa mata sunan albashi. In watan ya yi tsanani har kes ba za ta iya biya ba, a rubuta cikakken albashin a ɗawainiya, a rubuta abin da aka bayar, ragowar ta zama bashin da shago zai biya shi.

Yanzu lissafi ya koma haka: miliyan 9.6, a cire 3 na shago, a cire 2.88 na albashi, riba ta gaskiya miliyan 3.72. Kashi biyu cikin biyar miliyan 1.488, kashi ɗaya jika 744. Haƙƙin Yaya, albashi da riba, miliyan 3.288, ya kuma ɗauki 3.6, ya zarce da jika 312. Haƙƙin ƙane miliyan 2.568, ya ɗauki 1.6. Ƙanwar jika 744 ne nata, ba 440 da tsohon littafi ya tashi ba ta ba in an haɗa da na haihuwa.

Shafin gida, wanda kusan kowa ke mantawa

Da aka karanta wa Yaya cewa ya zarce, sai ya yi shiru, can ya ce wa ƙanen, "To cefanen Inna fa? Da maganinta na hawan jini? Ko ni kaɗai ta haifa?" Aka koma cikin layukan. Jika 600 daga cikin abin da aka ɗora masa gidan mahaifiyarsu suka tafi: hatsi, cefane, magani, kuɗin wuta da ruwa.

Wannan kuɗin ba na shago ba ne, don bare ba zai biya shi ba. Ba kuma na Yaya shi kaɗai ba ne. Shi ya sa, bayan shafin kowanne daga cikin su ukun, ake buɗe shafi na huɗu, shafin gida, don abin da ƴan uwa suka yarda nauyinsu ne gaba ɗaya. Yadda za a raba shi shawararsu ce. Wasu sukan ce maza kaɗai su ɗauka, wasu su raba daidai. Su sun zaɓi a bi kason shago, ƙanwar ma ta ce, "Ai ni ma uwata ce." Jika 240, 240 da 120.

Sai hoton ya sake. Ɗibar Yaya ta zama miliyan 3.24, shago ne ma zai cika masa jika 48. Ƙane zai karɓi jika 728, ƙanwar jika 424. In ka haɗa ukun, miliyan 1.2 ne cif, wato kuɗin nan da aka so a raba tun farko. Kuɗin bai ƙaru ba, masu shi ne suka sake. Wannan haɗawar kuma ita ce hanyar gane ko an yi kuskure: in ragowar shafukan ba ta yi daidai da abin da ya saura ba, akwai layin da aka ƙirga sau biyu ko aka tsallake.

Hattara da shafin gida, don yana da saurin kumbura. A rubuta abubuwan da ke shiga cikinsa da sunansu. Gudummawar biki ko ta'aziyya da aka kai da sunan gidan gaba ɗaya tana shiga. Wadda mutum ya kai wa surukansa ko abokinsa, tasa ce.

Mataki na uku: littafi ɗaya, shafi ga kowa

A sayi littafi mai kauri dabam da na ciniki. Kowane mai kaso ya samu shafukansa, da na gida. Layin kowace ɗiba yana da rana, abin da aka ɗauka, kuɗinsa, da sa hannun wanda ya ɗauka. Ba sai an rubuta dalili ba. Mutum ba ya bin kowa bayanin abin da zai yi da rabonsa, kuma na lura in an tilasta faɗin dalili, mutane sukan daina rubutawa gaba ɗaya.

Dokar ita ce a rubuta kafin kuɗi ya bar kes, ba da yamma ba. "Zan rubuta anjima" ita ta cinye shagunan da na sani fiye da ɓarayi. Da dare in ana rufe kes, kuɗin safe, a haɗa da cinikin yini da bashin da aka karɓo, a cire ɗawainiya da sayen kaya da ɗibar yau, dole ya yi daidai da abin da ke cikin aljihun tebur. Mai ƙirgawa ya zama ba shi ne mai ɗiba mafi yawa ba. A nan ƙanen ke ƙirgawa, Yaya na kallo.

Albashi kuwa ba ya shiga wannan littafin. Yana littafin ɗawainiya tare da na yaran shago, ana biyansa sau ɗaya, ranar da aka sa. In Yaya ya buƙaci jika 30 a tsakiyar wata, sai ya faɗa a take: daga albashi ne ko daga rabo? In daga albashi ne, a rubuta rance, ƙarshen wata ya karɓi 120. In daga rabo ne, ya hau shafinsa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a bar kuɗin a rataye sai ƙarshen shekara a zaɓa masa sunan da ya fi daɗi.

Sai kaya, wanda ya fi kuɗi sulalewa. Buhun shinkafa da aka aika gida, jarkar mai, kwalin sukari na azumi. Ba wanda yake jin ya taɓa kes, shi ya sa ba a rubutawa. Ranar ƙirgan kaya sai a ga buhu goma sha biyu babu, a dubi yaron shago. Na ga an kori yaro a kan shinkafar da aka ci a gidan mai shagon. A rubuta kayan a shafin wanda ya ɗauka, a kuma fitar da su daga littafin mangaza a ranar. Da wane farashi? A tsarin akanta da farashin saye ake rubutawa, don mutum ba ya cin riba a kan kansa. In an sayo buhu jika 12 ana sayar da shi 13, jika 12 za a sa. Amma inda masu kaso suke da yawa, kuma ɗaya ya fi sauran ɗauka nesa ba kusa ba, ƙanwar da ke Yamai tana da hujja in ta ce ita a kasuwa take saye da cikakken farashi. Sai a sa iyaka: buhu kaza a wata da farashin saye, abin da ya haura da farashin sari.

Waya ma kes ce. In abokan ciniki daga Ƙonni ko Madawa suna turo kuɗi ta Nita ko Amana ko Airtel Money da sunan Yaya da lambarsa, kuma daga nan yake tura wa iyali, to littafi ba zai taɓa daidaita ba. A ware lamba ɗaya ta shago, haka ma asusun banki. Abin da ake amfani da shi gida da shago, kamar moto ko katin waya, a yanke masa kaso sau ɗaya, misali kashi biyu cikin uku na shago, a daina ciniki a kansa kullum.

Mataki na huɗu: iyakar ɗiba

Riba ba a saninta sai ƙarshen shekara, ciki kuwa ba ya jira. Don haka ɗibar cikin shekara tamkar karɓar rabo ce kafin lokaci, kuma tana buƙatar iyaka. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗauki ribar bara, a bar wajen kashi ɗaya cikin uku a shago, a raba sauran bisa watanni. Daga miliyan 3.72 sun ware 2.4, wato jika 200 a wata: 80, 80 da 40. Kason kowa na shafin gida daga ciki yake fita.

Me ya sa ake barin wani abu? Don farashin kaya yana hawa. In bara jarinka yana cika mangaza da buhu ɗari huɗu, bana kuɗin nan ba lallai ya sayi ɗari huɗun ba. Wanda ya kwashe riba duka, a takarda jarinsa na nan, a mangaza kuwa ya ragu.

Buƙata ba ta zuwa daidai wata-wata. Azumi, ragon layya, komawar yara makaranta a Oktoba, duk a dunƙule suke zuwa, kuma azumi lokaci ne da shago ya fi buƙatar kuɗinsa don cika kaya. Maganinsa a bar abin da ba a ɗauka ba ya taru a shafin mutum. Wanda ya bar jika 30 duk wata har wata shida, yana da 180 na rago ba tare da ya roƙi kowa ba. Wanda zai wuce iyaka, sai da yardar sauran, a rubuta ranar da zai mayar ko a cire daga rabonsa. Babbar ɗiba kuma a sanar da ita mako biyu kafin lokaci, kada ta faɗo ranar da za a biya mai kaya.

Hanyar tana da komawa. In mai kaso ya zuba kuɗinsa a shago don a sauke mota, a rubuta a shafinsa ta ɓangaren shiga, a faɗa ko rance ne ko ƙarin jari. Rance ana mayarwa. Ƙarin jari yana sauya kason kowa, don haka ba a yinsa sai da zama. Zakka ma a kan dukiyar kowane mai kaso take, shafinsa za ta hau ko da daga kes aka fitar da ita.

In littafin zai je hannun akanta

Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci iri ɗaya, kuma tsarin lissafinsu da aka sabunta, SYSCOHADA, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018. Duk abin da na faɗa yana da gurbinsa a ciki. Ƙaramin ɗan kasuwa mai saye da sayarwa da cinikinsa bai kai miliyan 60 a shekara ba yana iya bin sauƙaƙan tsari na shiga da fitan kuɗi. Shagon namu mai miliyan 96 ya wuce nan, cikakken tsari ya hau kansa.

In an yi rajistar shago da sunan mutum ɗaya, ɗibarsa tana shiga asusu mai lamba 104, wanda a manhajar akanta za a gani da sunan `Compte de l'exploitant`. Kayan da aka ci a gida suna ƙarƙashinsa a 1047, sauran ɗiba a 1048. Ƙarshen shekara ake juye shi cikin jarin mai shago, lamba 103. Albashin ma'aikata yana 661, rancen albashi 421, ladan aikin mai shagon kansa kuma an ware masa 666. An ware shi ne don mutum ba ya zama ma'aikacin kansa, saboda haka kada Yaya ya ɗauka jika 150 ɗinsa daidai suke da albashin yaron shago a idon masu haraji. Ya nuna wa akanta layin kafin a cika takardun shekara. Yaran shago kuwa ma'aikata ne, rajistarsu a CNSS, asusun inshora da fanshon ma'aikata, wajibi ce, ɗan uwan da ke aiki a ƙarƙashin mai rajista yana karɓar albashi ma a duba nasa matsayin a wannan zaman.

Akwai abin da ya kamata ƙanen da ƙanwar su sani. Muddin rajista da lambar haraji sunan Yaya kaɗai suke ɗauke da shi, banki da masu haraji shi suka sani. Takardar rabon gado da yarjejeniyar da aka sa wa hannu su ne hujjarsu, a adana su a wuri fiye da ɗaya.

In kuma aka mai da shagon kamfani irin SARL, wanda asarar mai kaso ba ta wuce jarin da ya zuba, lamarin ya ƙara tsauri, don kuɗin ya zama na kamfani, ba na Yaya ba. Masu kaso ne ke yanka ladan manaja a rubuce. Shafin kowa ya koma asusu 462, kuma sashe na 356 na dokar kamfanoni ta OHADA ya hana manaja ko mai kaso cin bashin kamfanin ko barin asusunsa ya koma shi ake bi. Ke nan tsarin jika 80 a wata kafin a san riba ba zai yi ba a nan. Rabon riba sai an rufe lissafin shekara, masu kaso sun amince da shi, an kuma ware kashi goma cikin ɗari na ajiyar da doka ta wajabta har ta kai kashi ɗaya cikin biyar na jari. Iyalai da yawa sukan buɗe kamfani don neman kwangila, su ci gaba da ɗiba yadda suka saba, sai ranar da banki ko mai bincike ya buɗe littafi su san akwai wannan sashen.

Yadda za a gane tsarin ya fara zubewa

Ba sai ka iya lissafi mai zurfi ba. Buɗe littafin ɗawainiya ka duba watan azumi da na layya. Lodi da sauke kaya za su hau tare da ciniki, wannan daidai ne. In kuwa wani layi mai suna "sauransu" ne ya yi tsalle, ko ka ga kuɗi dunƙule-dunƙule, jika 50, jika 100, babu rasit, to cefane ya koma tsohon gidansa. Haka in shafin Yaya ya yi mako uku babu ko layi ɗaya alhali gidansa ana dafa shinkafa. Shafi mai tsabta fiye da kima ya fi ba ni tsoro a kan mai cike da layuka.

Gwajin da ya fi ƙarfi sau ɗaya ko biyu ake yinsa a shekara, ranar ƙirgan kaya. A haɗa kayan mangaza da farashin saye, da kuɗin kes da banki da waya, da bashin da ake bin mutane wanda ake sa ran zai dawo, a cire bashin da masu kaya ke bin shago da albashin da ba a biya ba. Abin da ya rage shi ne jari a ranar. Jarin ƙarshen shekara, a cire na farkonta, a haɗa da duk ɗibar da aka rubuta, a cire abin da masu kaso suka zuba, dole ya ba da riba ɗaya da ta littafin ciniki.

A shekara ta biyu, shagon namu ya fara da jarin miliyan 14 bayan an biya kowa ragowarsa, ya rufe da 15.1, ɗibar da ke shafuka huɗu miliyan 2.4, ba wanda ya zuba komai. Wannan hanyar ta ba da riba miliyan 3.5. Littafin ciniki kuwa 3.9 ya ce. Jika 400 sun fita ba su bar suna ba. Kafin a kira yaron shago, a bi wurare uku bi da bi: kayan da suka tafi gida, kuɗin da abokin ciniki ya turo wa tsohuwar lambar Yaya don ita ya saba da ita, da bashin da ɗaya daga cikin masu kaso ya yafe wa wani nasa bai faɗa ba. Na ukun ma ɗiba ce. Wanda ya ce wa surukinsa "bar shi kawai" a kan kayan jika 70, daga rabonsa ya yi kyautar, kuma shafinsa za ta hau da ranar da ya faɗa.